Ka Ƙirga Gurbi, Ka Ce Ka Ƙirga Manoma

Akwai wani ganganci da ya zama ruwan dare tsakanin masu haɗa rahoton bincike, daga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu har jami'in da ake biyansa albashi don wannan aikin kaɗai. Za a sauko da amsoshin tambayoyi daga Microsoft Forms zuwa Excel, a tarar da tambayar da aka ba mutum damar zaɓar amsa fiye da ɗaya ta zo a cunkushe cikin gurbi guda, an raba zaɓin da waƙafi mai ruwa, wato alamar `;`. Maimakon mutum ya tsaya ya warware gurbin, sai ya jefa shi cikin PivotTable yadda yake, ya zana hoto mai launi, ya miƙa rahoto. Malam, abin da ka miƙa ƙarya ce, ko da ba ka yi niyyar yin ta ba. Kuma rashin sani ba zai wanke ka ba, domin duk wanda ya kalli ginshiƙin nan na minti ɗaya zai ga cewa amsa uku ce ke zaune a wurin amsa ɗaya.

Bari mu ɗauki ƙaramin misali da za a iya ƙirgawa da yatsa. A ce an tambayi manoma takwas abin da suka shuka a daminar bana, fayil ɗin ya fito kamar haka, lamba a ginshiƙin A, amsa a ginshiƙin B:

```
ID  Shuka
1   Masara;Wake;
2   Gero;Dawa;Wake;
3   Waken suya;Masara;
4   Wake;Masara;
5   Masara;
6
7   Waken suya;
8   Gero;Wake;Waken suya;
```

Ka ƙirga da idonka. Mutum huɗu ne suka shuka masara, huɗu wake, uku waken suya, biyu gero, ɗaya dawa. Zaɓi goma sha huɗu ke nan daga bakin mutum bakwai, domin na shida bai amsa ba. Yanzu ga yadda malalaci yake ɓata wannan ɗan lissafi ta hanya uku.

Na farko shi ne mai PivotTable. Excel ba ya karanta abin da ke cikin gurbi ya fahimta, gurbin dungurungum yake ɗauka a matsayin amsa ɗaya. A wurinsa `Masara;Wake;` daban, `Wake;Masara;` daban, ko da yake manoman biyu abu ɗaya suka shuka. Sai jadawali ya fito da rukuni bakwai, kowanne da mutum ɗaya, kuma a gaban `Masara;` a ga 1. Mai rahoto ya rubuta cewa manomi ɗaya ne ya shuka masara, alhali huɗu ne. Kamar mai awo ne da ya ƙirga buhuna bai kwance bakin ko ɗaya ba, ya rantse ya san mudun gero nawa ne a rumbu. Alamar wannan ɓarna ba ta ɓuya: in ka ga tambaya mai zaɓi biyar ta haifi rukuni ashirin ko talatin a jadawalinka, ka san haɗin amsoshi kake ƙirgawa.

Na biyu ya ɗan fi wayo, ya san Text to Columns. Ya danna, amsoshi suka watsu zuwa ginshiƙai uku, ya ƙirga na farko ya manta da sauran, masara ta zama 2. Ko da ya tuna da su, ginshiƙan ba su da ma'ana, tunda masara tana gaba a layin wannan, tana baya a layin wancan. Mafi muni, in akwai wata tambaya a ginshiƙin da ke dama, warwarar za ta hau kanta ta shafe ta. Excel yana yin gargaɗi kafin ya shafe, amma mai sauri ba ya karanta gargaɗi, OK kawai yake dannawa. Haka shekarun mutane ko girman gonakinsu suke salwanta, kuma in a kan fayil na asali aka yi wannan aika-aika aka adana, sai an koma an sake saukowa da shi.

Na uku shi ne ya fi haɗari, domin lissafinsa yana kama da na ƙwararre. Yana rubuta:

```
=COUNTIF(B2:B9,"*Wake*")
```

Taurarin nan biyu suna nufin a nemo kalmar ko'ina take a cikin gurbi. To, ai haruffan wake suna cikin waken suya. Fomular za ta ba ka 6, alhali masu wake huɗu ne, ta ɗora wa manomi na uku da na bakwai amfanin da ba su shuka ba. Hausa cike take da irin wannan tarko: dawa tana cikin daddawa, dankali yana cikin dankalin Turawa. Babu wani jan rubutu da zai fito ya ce ka yi kuskure. Lamba ce za ta fito tsaf, ka kwafa, a gina shawarar rabon iri a kanta.

Gyaran ba ya cin rabin awa, shi ya sa ƙin yin sa ya zama abin kunya. Da farko ka kwafi fayil ɗin, ka ajiye na asali kada ka taɓa shi, kuma ka tabbata kowane mutum yana da lambarsa. Sannan ka buɗe wa kowane zaɓi ginshiƙinsa: Masara a C1, Wake a D1, Waken suya a E1, Gero a F1, Dawa a G1, rubutun ya yi daidai harafi da harafi da yadda yake a takardar tambayoyi. A C2 ka sa wannan, ka ja shi dama da ƙasa:

```
=--ISNUMBER(SEARCH(";"&C$1&";",";"&$B2&";"))
```

Dabarar ita ce an kewaye kalmar da ake nema da alamar gaba da baya, an kuma kewaye gurbin haka. Yanzu `;Wake;` ake nema, wanda ba ya cikin `;Waken suya;`. Inda aka samu sai a ga 1, inda babu a ga 0, kowane manomi yana nan a layinsa ɗaya. In fayil ɗinka yana da fili bayan kowace alama, ka cire shi tukuna da `SUBSTITUTE($B2,"; ",";")`, in ba haka ba duk zaɓin da ba shi ne na farko ba zai ɓace maka. 'Yan'uwanmu na Nijar da Excel ɗinsu ke Faransanci su lura cewa a can sunayen fomula sun sauya, kuma alamar `;` ce take raba sassan fomula a madadin waƙafi, don haka sai an sake rubuta ta da hannu.

Kada ka tashi sai ka gwada aikinka. Microsoft Forms yana barin alamar a ƙarshen zaɓi na ƙarshe ma, saboda haka yawan alamomin shi ne yawan zaɓin:

```
=SUMPRODUCT(LEN(B2:B9)-LEN(SUBSTITUTE(B2:B9,";","")))
```

A misalinmu 14 za ta bayar, kuma jimillar ɗaya-ɗayan da ke C zuwa G dole ta zama 14. In fayil ɗinka ba ya da alamar ƙarshe, ka ƙara ɗaya kan kowane gurbin da aka cike. In lambobin biyu suka saɓa, akwai amsar da ba ta da ginshiƙi, kuma galibi daga wurin da aka ce mutum ya rubuta wani abu daban da kansa take fitowa. Nan ne za ka tarar da riɗi an rubuta shi da ƙugiya, an rubuta shi babu ƙugiya, wani ya haɗa riɗi da gyaɗa a jimla ɗaya, wani ma ya sa alamar `;` a tsakiyar bayaninsa har ya zama kamar zaɓi biyu. Waɗannan ba fomula ce za ta gyara su ba. Sai ka zauna ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka yi wani jadawali daban mai nuna abin da mutum ya rubuta da rukunin da ka sa shi, domin wanda zai duba aikinka ya ga inda ka yanke hukunci.

Wanda ya fi son Power Query, da ke cikin Excel tun na 2016, zai iya bi ta Split Column, By Delimiter, ya zaɓi Rows, kowane zaɓi ya samu layinsa. Hanya ce mai kyau don ƙirga zaɓi, amma tana da farashi. Alamar ƙarshen nan za ta haifa wa kowane mai amsa ƙarin layi marar komai, sai an tace su. Kuma manomi na biyu yanzu ya bayyana sau uku. In gonarsa hekta 3 ce, ka tara ginshiƙin hekta a wannan sabon jadawali, ka mayar da ita hekta 9. Duk lissafin da ya shafi mutum, shekarunsa ko gonarsa ko yawan iyalinsa, a jadawalin da kowa yake da layi ɗaya ake yin sa.

Saura wurin da har masu ƙirga daidai suke faɗuwa, wato kashi cikin ɗari. Masu masara huɗu ne, amma huɗu cikin nawa? Cikin takwas da aka tambaya, kashi 50 ne. Cikin bakwai da suka amsa, kusan kashi 57. Cikin zaɓi goma sha huɗu, kusan kashi 29. Rahoton da ya ce kashi 29 na manoma suna shuka masara ya yi ƙarya, domin zaɓi ya ƙirga ya kira su manoma. Abin da yake jan mutane nan shi ne son ganin jimilla ta cika 100. A tambaya irin wannan ba dole ta cika ba: in ka raba da masu amsa bakwai, jimillar ta kai 200, domin a matsakaici kowa abu biyu ya zaɓa. Hakan daidai ne. Ka bar ta haka, ka rubuta a ƙarƙashin jadawali mutum nawa suka amsa da cewa an ba da damar zaɓar fiye da ɗaya. Kuma ka rabu da hoton da'ira mai yanka-yanka, wanda yake nuna rabon abu guda ne, ka yi amfani da na sanduna. Shi kuwa manomi na shida, kada fomula ta yaudare ka da jerin sifilin da ta ba shi. Bai ce bai shuka komai ba, shiru ya yi, kuma rahotonka ya faɗi hakan.

Ku kuma shugabanni da malaman da kuke sa hannu a kan waɗannan rahotanni, laifin har da ku. Ba sai kun iya fomula ba. Ku ce a buɗe muku fayil na asali, ku zaɓi amsa ɗaya, ku ƙirga ta da hannu a layi ashirin na farko, ku ce mai rahoto ya nuna muku lambarsa ta waɗannan layukan. In ta yi daidai, ku tambaye shi da nawa ya raba. Wanda ya tsaya yana sosa ƙeya, ku mayar masa da takardarsa ya je ya sake.