Agogon wa malamin duba ya duba?

Wata uwa a Takanamat ta tambayi malamin taurari: "Malam, ɗana da ya tafi biɗa Libiya zai dawo bana?" Ya dubi agogo, ƙarfe 8.

Ƙa'idar masu wannan duba ita ce a gano burjin da ke hudowa gabas daidai lokacin tambaya, daga nan a karanto amsa. Buruji 12 ne, kowane kan ɗauki wajen awa 2. To amma agogon Nijar ya riga ranar Takanamat da kusan minti 40, sulusin burji ke nan. In Malam bai ɗebe su ba, Hamalu na iya zama Sauru, amsa ta juye.

Inna, kada ki sayar da akuyarki kan lissafin da minti 40 ke kifarwa.