Harajin lemon kwalba: Me ya sa naira 10 ba ta rage shan sukari ba?

Tun watan Yunin 2022 Hukumar Kwastam ke karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu zaƙi da ake sarrafawa a Najeriya. Harajin ya samo asali ne daga Dokar Kuɗi ta 2021, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 31 ga Disamban shekarar. Hujjar da gwamnati ta bayar a lokacin ita ce kare lafiyar jama'a daga ciwon sukari da ƙiba da sauran cututtukan da yawan shan zaƙi ke jawowa, tare da samun kuɗin shiga. Amma duk wanda ya leƙa Kasuwar Singa a Kano, ko ya halarci walimar biki, ya san cewa abin da ke sa mutane rage sayen lemo a yau tsadar rayuwa ce. Da yawa ma ba su san da zaman harajin ba.

Dalilin yana cikin lissafi. Robar lemo mai rabin lita na biyan harajin naira 5 kacal. Idan ana sayar da ita naira 400, harajin bai kai kashi 2 cikin 100 na farashinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana cewa sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga sauyi mai ma'ana a yadda mutane ke saye. A kan wannan roba, ana maganar naira 80 ke nan. Ƙari a kan haka, an ƙayyade harajin ne da naira, ba a ɗaure shi da farashi ba. Hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, ta cinye ɗan nauyin da yake da shi tun farko.

Abin da ke cikin robar kuwa ba ƙarami ba ne. Yawancin lemukan da aka saba sha na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a cikin kowace mililita 100, wato giram 50 a rabin lita, sama da ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sha a yini guda. Ma'aikacin da ke kora abincin ranarsa da roba ɗaya ya cika mudunsa tun kafin ya sha shayin dare.

Sai dai ƙarancin kuɗin ba shi kaɗai ne aibin harajin ba. Babban aibin shi ne an ɗora shi a kan yawan ruwan, ba a kan yawan sukarin ba. Kamfanin da ke zuba giram 10 da wanda ya rage zuwa giram 5 duk naira 5 suke biya a kan rabin lita. Saboda haka babu wata riba da mai masana'anta zai samu idan ya rage zaƙi, sai ma fargabar masu saye su koma wajen abokin gasarsa.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. A watan Maris na 2016 ministan kuɗi George Osborne ya sanar da harajin da zai fara aiki a Afrilun 2018, aka kuma yi masa hawa-hawa. Abin shan da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba ba ya biyan komai. Lokacin da harajin ya fara aiki a 2018, daga giram 5 zuwa ƙasa da 8 ana biyan kwabo 18 na kuɗin ƙasar a kan lita, daga giram 8 zuwa sama kuma kwabo 24. Tazarar shekara biyun nan ta ba kamfanoni damar sauya haɗinsu. Masu yin Lucozade da Ribena da Irn-Bru sun sauko ƙasa da giram 5, yayin da Coca-Cola ta bar lemonta na asali yadda yake, ta zaɓi biyan harajin. Hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta gano cewa tsakanin 2015 da 2019 sukarin da ke cikin abubuwan shan da harajin ya shafa ya ragu da kusan kashi 44 cikin 100. Mutane ba su daina shan lemo ba, lemon ne ya sauya.

Akwai wani darasi a nan ga masu tsara kasafin kuɗi. Da farko gwamnatin Birtaniya ta yi hasashen samun fam miliyan 520 a shekara, amma kafin harajin ya fara aiki hasashen ya sauko zuwa fam miliyan 240, domin kamfanoni sun riga sun rage sukari. A harajin hana cutarwa, raguwar kuɗin da ake tarawa alama ce ta nasara. Idan kuwa kuɗin na ƙaruwa kowace shekara, to ɗabi'a ba ta sauya ba, harajin ya zama na neman kuɗi kawai.

Afirka ta Kudu, wadda ita ma ta fara nata a Afrilun 2018, na lissafi ne a kan kowane giram da ya haura 4 a mililita 100. Bari mu gwada wannan tsari a kan robarmu, mu ɗauka, a matsayin misali, an sanya naira 2 a kan kowane giram. Lemo mai giram 10 ya haura iyaka da giram 6, wato giram 30 a rabin lita, harajinsa naira 60. Idan kamfanin ya rage zuwa giram 6, harajin zai koma naira 20. Idan ya sauko zuwa 4, ba zai biya ko kwabo ba. A kan kiret dubbai, wannan bambanci ya isa ya sa manajan masana'anta ya kira masu haɗa masa sinadari.

Masu adawa ma suna da hujjarsu. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya ta sha yin gargaɗin cewa ƙarin haraji zai taɓa ayyukan yi, a daidai lokacin da tsadar wuta da canjin dala ke matsa wa kamfanoni. Kuma haraji irin wannan ya fi yi wa talaka nauyi, tunda ya fi cin kaso mai yawa na abin da yake samu. Sannan hannun kwastam ba ya kaiwa ga zoɓo da kunun aya da ake ɗurawa a gida, ko teburin mai shayi, inda ake zuba sukari da babban cokali. Wanda tsada ta kora daga lemo zuwa zoɓo mai zaƙi bai tsira daga komai ba. Tsarin hawa-hawa ya fi sauƙaƙa matsaloli biyun farko, domin yana bar wa kamfani da mai saye ƙofar kauce wa harajin, amma ta ukun sai da wayar da kai.

Ƙungiyoyin farar hula irin su CAPPA na kira da a ɗaga harajin zuwa naira 130 a kan lita. Ƙarin zai taɓa farashi, sai dai idan aka bar shi a kan lita, kamfanoni ba za su ga dalilin rage sukari ba. Abin da ya kamata Majalisar Tarayya ta duba shi ne ɗora harajin a kan giram, da sabunta shi duk shekara daidai da hauhawar farashi, da ba masana'antu wa'adin shiri. Haka kuma sai hukumar NAFDAC ta riƙa gwada abin da aka rubuta a jikin roba, tunda a kansa lissafin zai dogara. A halin yanzu kuɗin na shiga baitulmali ne ba tare da an ware su ga lafiya ba. Da za a killace wani kaso domin gwajin ciwon sukari a asibitocin unguwanni, da mai biyan harajin ya ga inda kuɗinsa ke tafiya.