Wa Ya Ba Ka Iznin Kai Fuskar Wani Awo?

A makon nan za mu duba wata al'ada da ta shigo tare da wayar hannu, watau ɗaukar hoton wani mutum a tura wa manhaja mai auna fuska, domin ta faɗi shekarunsa, ko ta ba kyansa maki, ko ta nuna kamannin da zai yi idan ya tsufa. Wanda ya tura hoton kansa, ruwansa. Maganarmu a kan wanda ya tura na wani ne, alhali mai fuskar bai sani ba.

Mu ɗauki misali. A ce wani saurayi yana neman aure, sai yayarsa ta turo masa hoton wata ƙawarta, da sanin yarinyar, domin ya gani ko ta kwanta masa a rai. Shi kuwa da ya gani, sai ya ce bari ya ji ta bakin na'ura. Ya buɗe manhajar, ya zaɓi hoton, kafin ya ƙifta ido an ba shi amsa: shekara 27, maki 6 cikin 10. A ganinsa abin ya ƙare a tafin hannunsa ke nan, amma a mafi yawan irin waɗannan manhajoji ba cikin wayar ake aikin ba. Hoton yakan tashi ne ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda galibi suna wata ƙasa. A can ake gano fuskar, a sa alamu a gefen idanu da hanci da leɓɓa da haɓa (wani tsari da aka saba amfani da shi yana sa alamu 68), sa'an nan a kwatanta da ɗimbin fuskokin da aka horar da na'urar da su. Idan tsarin na gane mutane ne, har a mai da fuskar jerin lambobi, kamar guda 128 a tsarin FaceNet da masanan kamfanin Google suka bayyana a shekarar 2015. Da wannan jeri ana iya gane yarinyar a wani hoto dabam, ko da ta sake ɗaurin kallabi. Kuma idan a matsayin takarda aka turo hoton ta WhatsApp, ba a matsayin hoto ba, mai yiwuwa ne ya tafi da bayanan da kyamara ke liƙawa a ciki, har da ranar da aka ɗauka da wurin.

To, ina iznin yarinyar a nan? Ta yarda mutum ɗaya ya gani, don buƙata ɗaya. Ba ta yarda a kai ta wurin baƙi a yi mata maki kamar tunkiya a kasuwar Sallah ba. Abin da zai ba ka mamaki kuwa shi ne, kamfanonin sun san da wannan, shi ya sa sukan rubuta cikin sharuɗɗansu cewa mai turo hoto ya tabbatar yana da ikon turowa. Lokacin da saurayin ya danna alamar yarda ba tare da ya karanta ba, ya yi shaida ke nan a kan abin da ba haka yake ba, laifin kuma ya dawo wuyansa.

Kada a ce zato muke yi. A watan Yuli na 2019 manhajar FaceApp, wadda wani kamfani na birnin San Fitasbag a Rasha ya ƙera, ta game duniya da dabarar tsufar da fuska. Mutane suka yi ta tura hotunansu da na abokai da na manyan mutane. Da aka tona sharuɗɗanta na lokacin, sai aka tarar mai turowa ya ba kamfanin iznin amfani da hoton har abada, ba biya, ba janyewa. Kamfanin ya amsa cewa yana share mafi yawan hotunan cikin sa'a 48. A lura da kalmar, mafi yawa aka ce. Abin ya kai har Sanata Chuck Schumer na Amirka ya rubuta wa hukumomin ƙasarsa yana neman a bincika.

Alkawarin sharewa kuwa, mai waya ba shi da hanyar tabbatar da shi. A 2021 hukumar kula da ciniki ta Amirka ta zargi kamfanin Everalbum, mai manhajar ajiye hotuna, da riƙe hotunan waɗanda suka rufe asusunsu bayan ya ce zai share, da kuma amfani da hotunan jama'a wajen gina na'urar gane fuska. Sulhun da aka yi ya tilasta masa share hotunan, har da abin da ya gina da su. Sai da hukuma mai ƙarfi ta sa baki aka yi haka. Saurayinmu idan ya yi nadama ya goge manhajar daga wayarsa, ƙofar gidansa kurum ya rufe, hoton yana inda ya kai shi.

Shi makin ma da aka sayar da amana dominsa, bai taka kara ya karya ba. A 2016 an yi wata gasar kyau mai suna Beauty.AI, inda na'ura ce alƙali. Mutane kusan 6,000 suka shiga daga ƙasashe fiye da 100, aka fid da 44, kuma ɗaya tak ne a cikinsu mai baƙar fata. Dalili shi ne na'urar ba ta san kyau ba, abin da aka nuna mata da yawa shi take ɗauka ma'auni. Saboda haka maki 6 da aka ba 'yar mutane labarin hotunan horarwa yake bayarwa, amma idan ya kai kunnenta ta bakin ƙawaye, zafinsa na gaske ne.

A nan Nijeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan da ake gane mutum da su daga jikinsa, har da na fuska, cikin bayanai masu buƙatar tsananin kiyayewa. Ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yarda yana da ikon janyewa. Gaskiya ne ta sassauta wa abin da mutum ya yi don harkar kansa ko ta gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirrin wani, haƙƙin da sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tanada.

Mai son sanin ko manhaja tana fitar da hoto waje, akwai gwaji mai sauƙi. Ya sa wayar a Airplane mode, ya tabbata ba ta haɗe da kowace hanyar sadarwa, sa'an nan ya gwada da hoton kansa. Idan ta ƙi aiki, to a waje ake awon. Idan ta yi aiki, hakan bai wanke ta sarai ba, don tana iya aikawa daga baya. Neman izni kuwa sai an faɗa wa mai hoton sunan manhajar, da abin da za a auna, da wanda zai ga sakamakon, a kuma gaya masa cewa in ya tafi da wuya a dawo da shi. Hoton taro, kamar na biki ko na ɗalibai, kowace fuska a ciki da mai ita, don haka a yanke na sauran kafin a tura. Na yara ƙanana kuwa, doka ta sa iznin a hannun iyaye ko waliyyi, kuma malamin makaranta ko maƙwabci ba ya cikin waɗannan.