A Tsefe Rubutun Na'ura Kafin A Baza Shi

'Yan'uwa ɗalibai, yanzu ƙungiyoyinmu kan sa na'ura ta tsara musu sanarwa, irin jerin allunan nan da ake ja da yatsa a Instagram. Ba mu ƙi ba, amma fa kyan ɗan ƙwarai ya duba abin da zai sa wa hannu.

Ma'auninmu ɗaya ne. Duk jimlar da za ta dace da sanarwar kowace ƙungiya, to ba tamu ba ce, sai a soke ta.

Ga misali. An nemi sanarwar aikin gayya, na'ura ta buɗe allon farko da cewa, "Tsabta ginshiƙin ci gaban al'umma ce." Wa ya musa? Amma wa zai fito saboda ita? Mai gyara sai ya rubuta: "Ranar Asabar, ƙarfe 7 na safe, za mu yashe kwatar bayan ɗakin cin abinci. Shebur 12 gare mu, mai tsintsiya ya zo da abarsa."

Rana, wuri da adadi kuwa daga bakin sakatare za a ɗauko su, domin na'ura takan ƙaga abin da ba a gaya mata ba. Daga nan a karanta kowane allo da ƙarfi. Inda harshe ya sarƙe, Turanci ne ya yi shigar Hausa, sai a sāke ginin jimlar.