Wasanni tara cikin kwana 28, kuma muna cewa kada kowa ya huta

Makon nan batun ƙwallo muka ɗauko, domin da yawanmu mun fara rubuta sharhin wasanni, kuma akwai wata magana da muke kwasowa daga gidan kallo mu zuba a takarda ba tare da mun tauna ta ba. Da zarar koci ya ajiye babban ɗan wasa sai mu rubuta cewa raini ne, ko tsoro, ko rashin sanin aiki. Wasu har su ƙara da cewa mutumin da ake biyan miliyoyi a mako ba shi da bakin cewa ya gaji. Mu dai muna ganin wannan magana ba ta da tushe, kuma wata guda a tarihin Real Madrid ya isa ya rushe ta.

A watan Afrilun 2017 Madrid ta buga wasa tara tsakanin ranar 2 da ranar 29. Alavés, Leganés, Atlético, Bayern Munich, Sporting Gijón, Bayern kuma, Barcelona, Deportivo, sai Valencia. Kusan duk bayan kwana uku akwai wasa. Wanda ya buga su duka zai yi minti 810, a ƙara masa minti 30 na ƙarin lokacin da aka yi da Bayern ranar 18, ya zama 840. Cristiano Ronaldo a lokacin yana da shekara 32, kuma kowa ya san shi da ƙin a ajiye shi ko na minti biyar. Amma Zinedine Zidane ya bar shi a gida sau uku: wasan Leganés ranar 5, na Sporting ranar 15, da na Deportivo ranar 26. Minti 270 ke nan aka sauke masa.

Ku duba ranakun da ya buga: 2, 8, 12, 18, 23, 29. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta taɓa gaza kwana huɗu ba, mafi yawa ma kwana shida ce. Ƙungiya na wasa sau biyu a mako, shi kuma kusan sau ɗaya yake yi. Kuma wasannin da aka cire shi duk na waje ne, da ƙungiyoyin da ke ƙasan teburi. Ba a ɗauke shi an zaunar a benci ba, domin shiga jirgi da kwanan otal da dawowa cikin dare su ma suna cin jiki, kuma koci in yana ganin irin Ronaldo a benci ana bin sa ci ɗaya, hannunsa ba zai haƙura ba. Wannan ba tsarin da ake yi bayan ɗan wasa ya fara ɗingishi ba ne. Kalanda aka shimfiɗa, aka zaɓi wasannin da babu makawa sai da shi, sannan aka haƙa masa hutu a gabansu ko a bayansu.

Me ya sa kwana uku ba ya isa? Bayan minti 90 tsoka na buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin makamashin da ta ƙona ya dawo, ƙananan yagewar da gudu da birki suka yi mata su haɗe. Wanda ya buga Laraba ya sake bugawa Asabar, da kyar ya gama farfaɗowa, ballantana ya yi atisaye na kirki. Abin da ke ruɗin mu masu kallo shi ne gajiyar ba ta fitowa a ido. Wani bincike da Gregory Dupont da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya bi 'yan wasan wata ƙungiya mai buga gasar zakarun Turai, ya gano cewa nisan gudun da suke yi bai ragu ba idan suna wasa biyu a mako, amma yawan raunin da suke ji ya ninka kusan sau shida. Wato ɗan wasa zai yi ta gudu kamar lafiya lau, mu ce ai ga shi nan garau, har ranar da zai dafe bayan cinya ya zauna a fili. Saboda haka hujjar "ai bai nuna gajiya ba" hujjar wanda ke jiran ganin hayaƙi ce kafin ya yarda akwai wuta.

To, me hutun ya haifar? Ronaldo ya ci Bayern biyu ranar 12, ya ci su uku ranar 18. Ranar 2 ga Mayu ya zuba wa Atlético uku. Aka sake barin sa a gida wasan Granada, sannan ranar 3 ga Yuni ya ci Juventus biyu a wasan ƙarshe a Cardiff. Ƙwallo goma daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe zuwa ɗaukar kofi. Waɗanda aka bar wa wasannin waje kuwa, irin su Isco da Morata da James da Asensio da Lucas Vázquez, sun ci duka huɗun: 4-2, 3-2, 6-2, 4-0. Madrid ta ɗauki La Liga da maki 93, Barcelona na da 90.

Za a ce mana ai Madrid ce, bencinta ma ƙungiya guda ne. Gaskiya ne, kuma wannan ce kaɗai sukar da muke ganin tana da nauyi. Kocin da ke da 'yan wasa goma sha uku na kirki ba zai iya sauya rabin ƙungiya a dare ɗaya ba, sai dai ya riƙa cire mutum biyu ko uku bi da bi, ya kuma yi amfani da canji biyar da doka ta yarda da shi tun 2020, inda Zidane uku kawai yake da su. Ko a Madrid ɗin ma cacar ta kusa ƙona hannu: a Gijón sau biyu Sporting na shiga gaba, sai a minti na 90 Isco ya ceto wasan. Da an tashi 2-2, da washegari an cika shafuka da zagin Zidane, alhali shawarar ita ce dai, ba ta canza ba. Nan ne rubutunmu ke yawan faɗuwa, muna auna shawarar koci da ƙwallo ɗaya da ta shiga ko ta daki turke.

Kuma in ana neman inda Zidane ya yi kuskure a watan, ba wajen hutar da mutane ba ne. Gareth Bale ya ji ciwo a wasan farko da Bayern, aka yi gaggawar dawo da shi don ya fara wasan Barcelona ranar 23. Bai kai hutun rabin lokaci ba ya fita da ciwon sharaɓa, Madrid ta sha kashi 3-2, shi kuma bai sake taka leda ba sai a wasan ƙarshe, inda ya shigo daga benci a Cardiff, garinsu na haihuwa. An nemi minti 90 a jikin da bai shirya ba, aka samu ƙasa da 45, aka yi asarar kusan mako shida. Wannan ita ce shawarar da gidan kallo ke tafa wa kafin a take wasa, domin sunan babban ɗan wasa ya fito a jerin sha ɗaya.

Don haka duk wanda zai rubuta mana cewa koci kaza ya yi wauta da ya ajiye wane, muna roƙon ya fara buɗe jadawalin wasanni. Ya faɗa mana minti nawa ɗan wasan ya buga a mako uku da suka wuce, kwana nawa ne tsakanin wasansa na baya da wannan, wane wasa ke tafe, kuma ko bai daɗe da tashi daga jinya ba. In lissafin ya nuna mutum ya huta kwana shida aka kuma ajiye shi ba dalili, to a soki kocin da hujja, za mu taya. Masu ganin mun yi wa Zidane kara, akwatin sharhi na ƙasa, amma a zo da ranaku.