Sabon mai busa saksofon, fara da rid mai lamba 2

1/ Matasan Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha da ke koyon saksofon ko kilarinet a coci ko makaranta, ku zo mu yi magana kan rid, siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin busa. Ni a ganina, mai koyo ya fara da lamba 2.

2/ Lambar tana nuna taurin karan ne kawai. Lamba 3 ba digiri ba ce. Leɓen mai koyo bai yi ƙwari ba tukuna, in ka ba shi 3 sai ya riƙa cizo don sauti ya fito, kuma cizon nan in ya zama ɗabi'a, wuyar bari gare shi.

3/ Ka lura, lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne. Vandoren mai shuɗin kwali ya fi Rico tauri da kamar rabin lamba. Mai alto da bakin Yamaha 4C, Rico 2 ya ishe shi.

4/ In rid ya yi maka tauri, za ka ji iska tana huci a cikin sautin, muryoyin ƙasa su ƙi fita, leɓe ya gaji nan da nan. In ya yi laushi, sautin zai sirance kamar na zuma, muryoyin sama su shaƙe. Wannan in ya faru a kan sababbi biyu ko uku, to ka hau 2.5.

5/ Amma a Kaduna, kafin ka canza lamba, duba yanayi. Misali Disamba ce, Rico 2 ɗinka da ke lafiya a Oktoba ya fara tsuwa. Galibi hunturu ne: karan ya bushe da sauri bayan busa, ya lanƙwashe, iska na zurarewa ta gefe.

6/ Gwajin da sauƙi. Jiƙa shi a ruwa minti 2 zuwa 3, ka ɗaura. Toshe gindin bakin busar da tafin hannu, ka zuƙe iskar ciki, ka cire bakinka. Lafiyayye zai manne na ɗan lokaci sannan ya saki da ƙara. Wanda ya ƙi mannewa, cire shi.

7/ In ka gama busa kar ka bar shi a ɗaure. Kurkure shi, goge shi daga gindi zuwa tsini, sa shi a gidansa mai shafaffen ciki. Da hunturu ka rufe gidan a leda. Da damina kuwa bar shi ya sha iska tukuna, don fumfuna. Wanda ya yi baƙin ɗigo, yar da shi.

8/ Na san kuɗi ne matsalar, shi ya sa ake bin guda ɗaya har ya mutu. Amma mai guda ɗaya ba ya gane ranar da ya lalace, sai ya zargi kansa. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi kwali mai 10, kowa ya rubuta 1, 2, 3 a gindin nasa, ya riƙa juya su kullum.