Rahoton Hatsari Ba Takardar Tuhuma Ba Ce

A farkon daminar bana, wani ɓangare na silin aji huɗu ya rufto a makarantarmu, ya tsaga kafaɗar wata malama, har aka yi mata ɗinki uku. Rahoton farko da muka rubuta ya ce abin ya faru ne “saboda sakacin malamin da ke kula da gine-gine”. Daga ranar kowa ya kame bakinsa, domin ba mai son sunansa ya shiga takarda.

Da muka sake zama, sai muka cire kalmar sakaci, muka tambayi kowa abin da ya gani da idonsa. Nan take bayani ya fito. Ashe iska ta ɗaga kwano biyu makonni uku kafin nan, ruwa yana ɗiga, silin ya yi tabo ya kuma lotsa. Malamai uku sun lura, kowanne ya faɗa da baki, kowanne kuma ya ɗauka an riga an kai maganar gaba. Ba mu da littafin da ake rubuta irin wannan. Ɓarakar ke nan, kuma da mun tsaya kan mutum ɗaya, da ba mu gano ta ba.

Saboda haka muke ganin rahoton hatsari ya tsaya kan abubuwa uku. Na farko, abin da ya auku: rana, lokaci, wuri, irin raunin da taimakon da aka bayar, ba tare da zato ba. Na biyu, gyara: mun rufe ajin, mun mayar da yara inuwar darbejiya, mun sauke sauran silin da ya jiƙe, mun sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin SBMC a rubuce. Na uku, aikin kowa, da muƙaminsa da wa'adinsa: malamin aji ya duba rufi bayan kowane ruwa, mataimakin hedimasta ya duba littafin kowace Alhamis.

Akwai kuma batun haƙƙi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda yake yi wa aiki raunin da ya samu, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. Takardar da tsoro ya jinkirta tana iya jefa haƙƙin abokiyar aikinmu cikin garari.

Wasu za su ce wannan rufa wa mai laifi asiri ne. Ko kusa. Ladabtarwa tana da hanyarta da takardunta daban, inda ake sauraron wanda ake zargi. Gwama su wuri ɗaya shi ke toshe bakin shaidu.

Muna kira ga reshenmu na Dawakin Tofa da ya fitar da fom guda mai waɗannan sassa uku, ya raba wa kowace firamare, daga Dawanau har Ganduje, kafin wata daminar ta kama.